Amsarka Ce Za Ta Faɗa Maka Inda Ka Yi Kuskure: Yadda Ake Gwada Intigireshan

Yau lissafi za mu taɓa, saboda haka wanda yake kwance ya ɗan gyara, ya jawo biro da takarda, ko da bayan kwalin sabulu ne. Wannan hira ba ta shiga da kunne kawai, sai hannu yana rubutu.

Bari in fara da abin da ya same ni ina aji ɗaya a jami'a. An ba mu gwajin kalkulas, tambaya biyar. Na gama da wuri, har ina kallon agogo ina tausayin waɗanda suke ta zufa. Da aka dawo mana da takardu, sai na ga jan biro a tambayar da na fi taƙama da ita. Malam bai rubuta dogon bayani ba. Ya zagaye alamar mainas guda ɗaya, sannan a ƙarshen amsoshi uku ya rubuta +C da alamar tambaya. Shi ke nan. Na je ofishinsa da niyyar ƙorafi, ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Kai, da ka gama, ka ɗauki daribatib ɗin amsarka?" Na ce a'a, Malam. Ya miƙo mini biro ya ce in yi a gabansa. Ban kai minti ɗaya ba na ga kuskuren da idona. Kuma fa minti ashirin na zauna a ajin nan ina jiran a karɓi takarda.

To abin da zan nuna muku yau ke nan. Yadda ake wannan gwajin, yadda ake karanta abin da ya fito, da kuma wani kuskure guda da gwajin ba ya iya gani ko da sau goma ka yi shi.

Ku tuna a firamare, idan ka raba 91 gida 7 ka samu 13, yaya kake tabbatarwa? Sai ka yi 13 sau 7, ka ga ko 91 za ta dawo. Haka intigireshan yake da difarenshiyeshan, ɗaya yana warware ɗaya. Idan aka ce ka nemo antidaribatib na wani fankshan f(x), abin da ake nufi shi ne ka nemo wani F(x) wanda idan aka ɗauki daribatib ɗinsa zai ba da f(x). Wato F′(x) = f(x). Wannan ita ce ma'anar kalmar, ba wata dabara ce da aka liƙa mata daga baya ba. Kuma abin daɗin shi ne hanyar dawowa ta fi hanyar zuwa sauƙi. Intigireshan yana buƙatar hasashe, da zaɓen hanya, wani lokacin ma ka bi hanya ta toshe ka dawo. Shi kuwa daribatib dokoki ne kawai, ka bi su ka isa. Da aiki mai sauƙi kake duba mai wuya.

Mu ɗauki tambayar da ta kayar da ni. Ga ta:

∫ x sin x dx

Abu biyu ne aka ninka, x da sin x, saboda haka za mu bi hanyar nan ta kashi-kashi, wadda dokarta ita ce:

∫ u dv = uv − ∫ v du

Na zaɓi u = x, na zaɓi dv = sin x dx. Daga nan du = dx, kuma v = −cos x. Har nan babu matsala, daidai na yi. Sai na zuba a cikin doka:

−x cos x − ∫ (−cos x) dx

Ku kalli wannan layin da kyau. Akwai mainas na doka a waje, akwai mainas na v a cikin baka. Su biyu ne, kuma idan sun haɗu fulas suke zama. Ni a ranar ban sa baka ba. Ido ya ga mainas ɗaya, hannu ya rubuta ɗaya, ɗayan ya ɓace a hanya. Sai na miƙa wa malam wannan:

−x cos x − sin x

Yanzu mu yi abin da ban yi ba. Mu ɗauki daribatib ɗinta a hankali. Kashi na farko, −x cos x, yana buƙatar dokar furodok. Daribatib ɗin x cos x shi ne cos x − x sin x. Da mainas ɗin da ke gabansa, sai ya zama −cos x + x sin x. Kashi na biyu, −sin x, yana ba da −cos x. Idan muka haɗa:

x sin x − cos x − cos x = x sin x − 2cos x

Me muke nema? x sin x, shi kaɗai. Me muka samu? x sin x da wani baƙo a gefe, −2cos x. Amsar ba daidai ba ce, wannan kowa ya gani. Amma kada ka yi saurin soke aikin gaba ɗaya ka fara sabo, domin baƙon nan yana ɗauke da labari. Na farko, abin da muke nema ya fito lafiya, saboda haka kashin −x cos x ba shi da laifi. Na biyu, ka lura da wannan 2 ɗin. Cos x biyu ne da ya kamata su cinye juna, ɗaya fulas ɗaya mainas, su bar sifili. Sai ga shi sun haɗa kai sun zama biyu. Duk lokacin da na ga ragowa ta fito ninki biyu haka, abin da nake fara zargi shi ne alama ce ta juye a kashin da ya haifi ragowar. Wane kashi ne ya haifi cos x na biyu? Shi ne −sin x. Juya masa alama:

−x cos x + sin x + C

A sake gwadawa: −cos x + x sin x + cos x. Biyun sun cinye juna, saura x sin x. Yauwa. Gyaran bai wuce ɗan layi guda da ka ɗora a kan mainas ya zama fulas ba.

Wannan karanta ragowa shi ne abin da nake so ku tafi da shi, domin mutane da yawa suna gwaji su tsaya a "daidai ne" ko "ba daidai ba ne". Alhali abin da ya fito yana nuna maka wurin ciwon da yatsa. Idan ka ɗauki daribatib sai ka samu ainihin abin da aka ba ka amma da mainas a gabansa, to duk amsar ce ke buƙatar juyawa. Misali wani ya ce intigiral na 1/x² shi ne 1/x. Daribatib ɗin 1/x kuwa −1/x² ne. Kamanninsu ɗaya, alama ce ta bambanta, saboda haka amsar ita ce −1/x + C. Wannan kuskuren yana yawan faruwa, saboda 1/x² shi ne x mai fawa −2, ka ƙara ɗaya ya zama −1, sannan ka raba da −1 ɗin. A wajen rabawar nan ake manta alama.

Idan kuma ka samu abin da aka ba ka amma an ninka shi da wata lamba, to dokar sarƙa ce ka taka. Ga misali mai haɗa duka biyun, alama da lamba:

∫ 1/(5 − 2x) dx

Hannu da ya saba zai rubuta ln|5 − 2x| ya wuce. Ɗauki daribatib: za ka samu 1/(5 − 2x), sannan dokar sarƙa ta ce ka ninka da daribatib ɗin abin da ke ciki, wato −2. Sakamako ya zama −2/(5 − 2x). Ya ninka abin da muke nema sau −2. Magani a bayyane yake, raba amsarka da −2 ɗin nan:

−(1/2) ln|5 − 2x| + C

Amma a nan zan ja muku kunne. Wannan gyaran na rabawa yana aiki ne kawai idan abin da ya yi yawa tsayayyiyar lamba ce, kamar 2 ko −2 ko 7. Idan abin da ya yi yawa yana da x a cikinsa, ba ka da ikon raba amsa da shi. Na sha ganin ɗalibi ya ce intigiral na cos(x²) shi ne sin(x²) a raba da 2x. Tunaninsa shi ne, ai daribatib ɗin sin(x²) yana fito da 2x, bari in cire shi. To gwada mana. Da zarar 2x ta koma ƙasa, sai dokar rabo ta shigo, kuma za ta haifo wani kashi na daban wanda babu mai cinye shi. Gwajin zai ƙi amsar nan take. A gaskiya ma shi cos(x²) ba shi da antidaribatib da za a iya rubutawa da fankshan ɗin da muka saba da su a aji. Ba gazawarka ba ce, haka yake.

To yanzu, shin gwajin yana iya yaudararka? Ƙwarai kuwa. Ka ɗauka mutum ya haddace cewa daribatib ɗin cos x shi ne sin x, babu mainas. Zai ce intigiral na sin x shi ne cos x. Zai gwada, zai ɗauki daribatib da wannan gurguwar dokar tasa, ya ga sin x ta dawo, ya yi murmushi. Kuskure ɗaya ya yi sau biyu, na biyu ya rufa wa na farko asiri. Kamar mai awo ne da mudunsa ya lotse, ya auna da shi, ya kuma sake aunawa da shi don ya tabbatar.

Abin da nake yi idan na yi shakkar wannan alamar shi ne in daina dogara da hadda, in tuna hoton. Cos x yana farawa daga 1 a inda x take sifili, kuma 1 ita ce ƙololuwarsa. Daga ƙololuwa babu inda za a je sai ƙasa. Ke nan da x ta ɗan matsa gaba, cos x sauka yake yi, daribatib ɗinsa dole ya zama a ƙasa da sifili. Shi kuma sin x a wannan yankin yana sama da sifili. Saboda haka dole mainas ya shiga tsakani: daribatib ɗin cos x shi ne −sin x. Daƙiƙa biyar wannan tunanin yake ɗauka.

Akwai kuma gwajin kalkuleta, wanda ba ruwansa da abin da ka haddace. Daribatib ai saurin canji ne. Saboda haka ka zaɓi wata x, ka matsa gaba kaɗan, ka ga nawa amsarka ta canza. Mu gwada da F(x) = −x cos x + sin x, a x = 1. Da farko ka tabbatar kalkuletarka tana kan RAD, ba DEG ba, domin duk dokokin nan na sin da cos a radiyan suke aiki. Idan ka bar ta a digiri za ka ga lambobin da za su sa ka zargi amsa mai kyau. F(1) tana ba da kusan 0.30117. F(1.01) tana ba da kusan 0.30965. Bambancinsu kusan 0.00848, ka raba da 0.01, ka samu kusan 0.848. Shi kuma x sin x a x = 1 kusan 0.841 ne. Sun yi kusa ƙwarai, ɗan bambancin kuma daga takun 0.01 ne da muka yi, idan ka ƙanƙanta takun zai ƙara matsowa. Da amsata ta ranar gwaji na saka, abin da zai fito kusan −0.22 ne. Ko alamar ba su haɗa ba.

Shawara ɗaya a nan: kada ka zaɓi x = 0 don wannan gwajin. Sifili yana kashe abubuwa da yawa, sai amsa mai kyau da marar kyau su yi kama. Zaɓi lamba marar gata, kamar 1 ko 0.7.

Masu shirin JAMB, ku ma wannan naku ne. Tambayar intigireshan tana zuwa da zaɓi huɗu, kuma sau da yawa biyu daga cikinsu alama ce kawai ta raba su. Idan hanyar intigireshan ta kwance maka, ba sai ka yi canki-canka ba. Ɗauki daribatib ɗin zaɓin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya dawo da abin da ke cikin tambaya shi ne naka.

Yanzu mu zo kan C, inda hirar ta fi daɗi.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu, gwajin yana kama shi. Amma ka ɗauki daribatib ɗin x², ka samu 2x. Na x² + 5, 2x. Na x² − 1000, 2x dai. Daribatib ɗin tsayayyiyar lamba sifili ne, saboda abin da ba ya canzawa ba shi da saurin canji. Ma'ana, idan ka manta C, ka yi gwaji, gwajin zai ce maka lafiya lau. Wannan makanta ce da aka haife shi da ita. Ka ga ko da na bi shawarar malam a ranar, da na ceto tambayar mainas, amma maki ukun nan na C da sun tafi duk da haka, in dai ban duba su daban ba.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, domin ni ma na faɗa: wai C ɗin nan ai ado ne, malamai ne kawai ke son cin maki. Dalilin da ya sa muke jin haka shi ne intigiral mai iyaka. Idan an ba ka daga a zuwa b, F(b) − F(a) kake yi, C ta sama ta cinye C ta ƙasa, babu wanda ya ji ɗuriyarta. Sai hannu ya saba da barinta. To bari in ba ku labari biyu.

Wata rana mu uku muna karatu da daddare ana gobe jarrabawa, muka yi wannan tambayar kowa a takardarsa:

∫ sin x cos x dx

Ni na sa u = sin x, na samu (sin²x)/2. Abokina ya sa u = cos x, ya samu −(cos²x)/2. Ta ukunmu, wadda ta fi mu son tirigonometiri, ta ce ai sin x cos x rabin sin 2x ne, ta samu −(cos 2x)/4. Amsa uku, babu wadda ta yi kama da wata. Musu ya kaure. Kowa ya ce a gwada. Na ɗauki daribatib ɗin tawa, sin x cos x. Ta abokina: mainas na gaba da mainas na daribatib ɗin cos suka haɗu, sin x cos x. Tata: (sin 2x)/2, wanda shi ne dai sin x cos x. Duka ukun sun ci gwaji. Muka yi shiru muna kallon juna, kowa yana tunanin ko lissafin ne ya lalace.

Ita ce ta fara ganowa. Ta ce mu sa x = 0 a kowace. Tawa ta ba da 0, ta abokina −1/2, tata −1/4. Ta ce mu sa wata x daban. Muka sa π/2: tawa 1/2, ta abokina 0, tata 1/4. Ku duba tazarar. Tsakanina da abokina 1/2 ne a karon farko, 1/2 a karo na biyu. Tsakanina da ita 1/4 ne, duka biyun. Tazarar ba ta motsi. Kuma dalili a fili yake: sin²x + cos²x = 1, saboda haka idan ka cire amsarsa daga tawa, rabin 1 ne zai rage, ko wace x ka saka. Amsoshin uku layi ɗaya ne mai lanƙwasa iri ɗaya, an ɗaga wani sama kaɗan, an sauke wani ƙasa kaɗan. Da kowa ya rubuta +C, da babu musu, domin C ɗina da C ɗinsa ba dole su zama lamba ɗaya ba.

Wannan yana da amfani sosai ranar da amsarka ta saɓa da ta bayan littafi. Kafin ka yanke wa kanka hukunci, ɗauki daribatib ɗin taka. Idan ta dawo daidai, cire taka daga ta littafin a wurare biyu ko uku. Idan tazarar lamba ɗaya ce ko'ina, ku duka kuna kan daidai. Idan tazarar tana canzawa da x, to akwai mai laifi a cikinku, kuma wani lokacin littafin ne, kuskuren ɗab'i ba baƙon abu ba ne.

Labari na biyu shi ne inda C take da nauyi na gaske. Ka ɗauka kana tsaye a saman bene mai tsawon mita 20, ka jefa dutse sama da gudun mita 15 a daƙiƙa. Tambaya: bayan daƙiƙa nawa zai faɗi ƙasa? Jan ƙasa yana rage masa gudu da kusan mita 9.8 a kowace daƙiƙa, mu mai da shi 10 don sauƙi, kamar yadda ake yi a aji. Sama ita ce fulas, saboda haka a = −10.

Intigireshan na farko yana ba da gudu: v = −10t + C. Mece ce C a nan? Sa t = 0, sai v = C. Wato C ita ce gudun da dutsen ya bar hannunka da shi, 15. Ƙarfin damtsenka ne ke zaune a cikin wannan harafin. Sai v = −10t + 15.

Intigireshan na biyu yana ba da tsawo: h = −5t² + 15t + D. Na kira ta D don kada ta rikice da ta farko. Sa t = 0, sai h = D, wato inda kake tsaye, 20. Cikakkiyar amsa:

h = −5t² + 15t + 20

Dutse ya taɓa ƙasa idan h = 0. Raba ko'ina da −5, ka samu t² − 3t − 4 = 0, wato (t − 4)(t + 1) = 0. Lokaci ba ya komawa baya, saboda haka t = 4. Daƙiƙa huɗu.

Yanzu ga wanda ya manta D. Shi h = −5t² + 15t ya rubuta, ya samu t = 3. Ba shirme ya lissafa ba fa, wata tambayar ya amsa: a daƙiƙa uku dutsen yake dawowa daidai saitin rufin benen, yana kan hanyarsa ta sauka. Ya rushe benen bai sani ba. Ga kuma wanda ya manta C ta farko amma ya tuna ta biyu. Shi h = −5t² + 20 ya samu, t = 2. Wannan dutsen da aka saki kawai ne, ba a jefa ba. Huɗu, uku, biyu. Kuma ku ɗauki daribatib ɗin kowace sau biyu, duka ukun −10 za su ba ku. Gwajin daribatib ya wanke su gaba ɗaya, alhali ɗaya ce kawai ta amsa tambayar.

Ku lura da wani abu a nan. C ta farko ba ta tsaya a matsayin lamba ba, da aka sake intigireshan ta zama 15t. Shi ya sa dabarar nan ta "zan liƙa +C a ƙarshe idan na gama" take kayar da mutane. A rubuta ta a layin da aka yi intigireshan, nan take, domin matakan da ke biye za su iya ninka ta, ko su shigar da ita cikin wani abu.

To tunda daribatib ba ya ganinta, da me ake duba ta? Da sharaɗin da tambaya ta bayar. Ka koma ka sa t = 0 a amsarka ta ƙarshe. Shin h ta ba da 20? Ka ɗauki daribatib sau ɗaya, ka sa t = 0. Shin gudun ya ba da 15? Amsar mai t = 3 tana faɗuwa a tambayar farko, mai t = 2 tana faɗuwa a ta biyu. Idan kuma tambayar ba ta ba da wani sharaɗi ba, intigiral ne marar iyaka kawai, to babu lissafin da zai tuna maka, ido ne. Ni abin da na saba tun daga wancan jan biron shi ne, idan na gama gwajin daribatib na ga ya yi, ba na ɗaga biro sai na kai shi ƙarshen layin amsa na taɓa C ɗin. Idan biro ya sauka a kan farar takarda, na san abin da ya rage.

Kafin mu rabu, ga ɗan wasa da za ku rikita abokanku da shi. Ɗauki ∫ (1/x) dx, ka bi hanyar kashi-kashi da u = 1/x da dv = dx. Sai du = −(1/x²) dx, v = x. Kashin uv ya ba da 1. Sauran kuma, mainas biyu sun haɗu, ya dawo ∫ (1/x) dx. Ke nan:

∫ (1/x) dx = 1 + ∫ (1/x) dx

Sai ka ce musu, a soke intigiral na hagu da na dama, saura 0 = 1. Ka bar su da shi su kwana. Babu kuskuren alama ko ɗaya a ciki, na duba. Matsalar tana wajen sokewar: intigiral marar iyaka ba fankshan ɗaya ba ne, dangi ne guda, kowane da C ɗinsa. Na hagu ln|x| ne da wata lamba, na dama ma ln|x| ne da wata lamba, kuma 1 ɗin nan tazarar lambobin biyu ce, irin 1/2 ɗin da ya shiga tsakanina da abokina.

Aikin gida guda ɗaya. Wani ɗalibi ya rubuta cewa

∫ x e^(−x) dx = −x e^(−x) + e^(−x)

Kada ku sake yin intigireshan ɗin daga farko. Ku ɗauki daribatib ɗin amsarsa, ku kalli ragowar da ta fito, ku faɗa mini wane kashi ne ya haife ta. Kuskure biyu ne a layin nan, kuma ɗaya kawai daribatib zai nuna muku. Da amsar za mu buɗe shiri na gaba.